Sakan Huɗu na Haƙuri: Yadda Ake Tsara Karatun Yaya da Ƙane a Firamare

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa ba malam kaɗai ke biyawa ba. Kolo kan ɗauko allonsa ya gurfana gaban wani titibiri ko gardi, shi kuwa ya ɗora masa tsinke a kan baƙi, ya faɗa, yaron ya maimaita. Da haka malam ɗaya ke riƙe almajirai masu yawa ba tare da karatu ya tsaya ba. A makarantar boko kuwa, babban yaro ba ya shiga ajin ƙanana sai in an turo shi ya rubuta sunayen masu surutu, sau da yawa ma da tsumagiya a hannu. Alhali ajin nan ya cika maƙil, malami ɗaya ne, kuma akwai yaran da kan yi zango guda cur ba wanda ya zauna kusa da su ya saurari yadda suke karanta layi ɗaya.

Wannan giɓi ne karatun yaya da ƙane ke ƙoƙarin cikewa. Ana haɗa ɗalibin babban aji da na ƙaramin aji, su zauna kafaɗa da kafaɗa a kan littafi ɗaya, na ɗan lokaci ƙayyadadde, sau da dama a mako. Faɗinsa da sauƙi. Amma idan abin da aka yi kawai shi ne a kaɗa 'yan aji biyar zuwa aji uku a ce "kowa ya kama ɗaya", to kafin mako uku ya cika za a tarar babban na karantawa shi kaɗai, ƙaramin na kallon ƙadangare a bango.

Hanyar da ta fi samun gwaji a wannan fanni ta fito ne daga Birtaniya. Wani masanin halayyar yara, Roger Morgan, ya fara tsara ta a shekarun 1970 domin iyaye su riƙa karatu da 'ya'yansu a gida, sannan Keith Topping, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Dundee, ya faɗaɗa ta ta koma tsakanin ɗalibai. An gwada koyarwar ɗalibi ga ɗalibi na tsawon shekara biyu a makarantun firamare 129 na yankin Fife a Scotland, aka ga cewa haɗa manya da ƙanana masu tazarar shekara biyu ya ƙara wa yara iya karatu, ƙari mai ma'ana ko da yake ba na ban mamaki ba. Sai dai da aka gwada irin wannan tsari a wasu makarantun sakandare na Ingila, rahoton da ya fito a 2015 ya nuna ba a ga wani ci gaba ba. Na kawo wannan na biyun da gangan, don kada wani hedimasta ya ɗauka zaman yara bibbiyu kaɗai ke yin aikin. Abin da ake yi a cikin zaman shi ne maganar.

Ga yadda zaman yake. Yaya da ƙane su fara karantawa tare da murya, a lokaci guda, ƙanen na bin kalmomi da yatsa. Yayan ne zai rage gudu ya daidaita da tafiyar ƙanen. Idan ƙanen ya ji zai iya ci gaba shi kaɗai, sai ya ba da alamar da suka yi yarjejeniya a kanta tun farko, misali ya ƙwanƙwasa benci ko ya taɓa hannun yayan. Nan take yayan ya yi shiru. Ƙanen ya ci gaba har ya yi tuntuɓe a kan wata kalma, ko ya karanta ta ba daidai ba. A nan ne komai ya rataya: yayan zai dakata kimanin sakan huɗu, yana ƙirgawa a zuci, bai ce uffan ba. In ƙanen ya gyara da kansa, a yaba masa, ya wuce. In bai iya ba, yayan ya nuna kalmar da yatsa, ya faɗe ta daidai, ƙanen ya maimaita, sannan su koma karatu tare har ƙanen ya sake ba da alama.

Mu ga abin a aikace. Wata yarinya 'yar aji uku tana karanta wannan layi ita kaɗai: "Baƙi sun sauka a gidanmu, Inna ta dama musu fura." Sai ta ce, "Baki sun sauka..." Yayarta 'yar aji biyar ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko, ta yi shiru. Ɗaya, biyu, uku. Yarinyar ta sake duba harafin, ta lura da lanƙwasar da ke kansa, ta ce, "Au, baƙi ne, Yaya." Yayar ta ce, "Yauwa, kin gano ta da kanki. Ci gaba." A waɗannan sakan uku yarinyar ta yi aikin da ake kira karatu: ta duba harafi, ta auna da ma'ana, ta ga cewa baki ba ya sauka a gida. Da yayar ta yi caraf ta ce "baƙi", da yarinyar ta maimaita kamar aku ta wuce, gobe kuma ta sake faɗawa ramin nan.

Me ya sa huɗu, ba goma ba? Domin shirun da ya yi tsawo kunya yake haifarwa. Yaron ya fara zufa, ya manta farkon jimlar, ya tsani littafin. Wanda ya gaza huɗu kuma bai ba ƙwaƙwalwa damar juyawa ba. Kuma a lura, ba a ɗora wa yayan aikin koyar da haɗa baƙi ba. Ba zai tsaya yana "ba, be, bi, bo, bu" ba, wannan aikin malami ne. Nasa shi ne ya riƙe tafiyar labarin kada ta yanke.

Hausar boko tana da nata tarkon, kuma ya kamata yayye su san shi. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. A jimlar "Ta auno gari a kasuwar gari", kalma ɗaya ce a ido, biyu a baki. Yaro zai iya furta kowane harafi daidai amma ya ja wasalin inda bai kamata ba, wannan kuwa alama ce cewa sauti yake haɗawa, bai san me yake faɗa ba. Yayan da aka horar zai ɗauki wannan a matsayin kuskure, ya dakata, ya ba shi sakan huɗunsa. Haka nan haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin su ts da sh da ƙw. Shi ya sa nake ganin a fara da littattafan Hausa, a bar na Ingilishi sai tsarin ya zauna. Yaron da bai san ma'anar kalma ba ba shi da abin da zai auna kuskurensa da shi, kuma sau da yawa yayan ma bai sani ba, sai makaho ya ja makaho.

To, wa za a haɗa da wa? Mu ƙaddara wata firamare mai yara 64 a aji biyar da 70 a aji uku. Lissafin misali ne, amma duk malamin makarantar gwamnati zai gane shi. Kafin a haɗa kowa, sai an gwada kowa. Malami ya rubuta ɗan gajeren labari na Hausa wanda yaran ba su taɓa gani ba, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowa minti ɗaya, ya ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Yara 134 a minti bibbiyu, har da zuwa da tashi, aikin kusan awa huɗu da rabi ne, malamai biyu za su gama cikin 'yan kwanaki. Na san akwai mai cewa ai ya san yaransa, ba sai ya gwada ba. Ya gwada ɗin. A kowane aji akwai mai ɗaga hannu kullum wanda hadda ce kawai ke ɗauke da shi, akwai kuma shiru-shiru a bencin baya wadda ke karatu kamar ruwa.

A ce gwaji ya nuna cewa a aji biyar 46 suna karatu sumul, 18 kuwa har yanzu suna jan ƙafa. A aji uku, 44 suna iya haɗa gaɓoɓi su fitar da kalma ko da a hankali ne, 26 ba su gama sanin haruffa ba. Waɗannan 26 ba su shirya wa wannan tsari ba. Idan aka zaunar da su da yayye, maimaitawa kawai za su yi. Malaminsu ya riƙe su a aji a daidai lokacin, ya koya musu haruffa, kuma wannan ita ce ribar da ba a cika lura da ita ba: malamin da ke fama da 70 ya sami minti ashirin da 26 kacal. Su kuma 18 na aji biyar, a ba su nasu zaman da hedimasta ko malamin Hausa, kuma a yi hattara da yadda za a sanar da su. Kada a karanta sunayensu a filin taro. A shaida musu cewa za a sake gwaji a tsakiyar zango, wanda ya kai zai sami ƙane. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zai yi ƙoƙarin da ba a zata ba don a kira shi Yaya.

Saura 46 da 44. A jera kowane rukuni daga mafi ƙwarewa zuwa ƙasa, sannan a haɗa na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu, har ƙarshe. Zuciya za ta raya wa malami ya ba gwarzon aji biyar mafi raunin aji uku, wai don ya ja shi. Kuskure ne ta fuska biyu. Gwarzon zai gaji da littafin da ba ya koya masa komai, ya ƙosa da jinkirin ƙanen. Sannan a ɗaya ƙarshen jerin, yaya mai rauni zai faɗa hannun ƙane mai kaifi wanda zai riƙa gyara masa, girma ya zube. Haɗa na ɗaya da na ɗaya yana sa tazarar ta zama kusan iri ɗaya a ko'ina: yayan na gaba, amma ba da nisan da zai sa ya yi hamma ba. Biyun da suka yi rara su zama masu jiran gurbi. Za su yi aiki kusan kullum, domin ranar kasuwa, lokacin girbi da zazzaɓin damina ba sa barin aji ya cika.

Bayan lissafi sai sanin hali. A yawancin garuruwanmu ya fi kwanciyar hankali ga iyaye a haɗa mace da mace, namiji da namiji, don haka a yi jerin biyu tun farko. Kada a haɗa 'yan ɗaki ɗaya ko 'yan uba, rigimar gida kan biyo su makaranta, kuma yaya na jini ba ya jin nauyin kai wa ƙanensa ranƙwashi. Yaron da aka sani da cin zali, komai iya karatunsa, a sa shi inda idon malami yake, ko a jinkirta shi. Idan an haɗa, a bar su tare har ƙarshen zango. Sabo ne ke sa ƙanen ya daina jin kunyar yin kuskure, kuma sabo ba ya samuwa in ana sauya abokin zama kowane mako.

Horar da yayye shi ne inda makarantu suka fi yin rowa. Zama biyu ko uku na rabin awa sun isa, in dai yi ake yi ba lacca ba. Malamai biyu su zauna a gaban aji, ɗaya ya zama yaya ɗaya ƙane, su fara nuna mummunan salo: yayan na fizge littafi, yana tsaki, yana cewa "kai daƙiƙi ne". Yara za su yi dariya, kuma za su gane kansu a ciki. Sannan a nuna na daidai. Daga nan yayyen su gwada a junansu, ɗaya na yin kuskure da gangan, ɗayan na ƙirga huɗu. Za a yi mamakin yadda shirun sakan huɗu ke yi wa yaro wuya idan ya san amsa. A koya musu yabo mai faɗin dalili, irin su "ka koma baya ka gyara" ko "kin karanta doguwar kalmar nan ba taimako", maimakon "da kyau" da ake jefawa ba a duba ba. A kuma kafa dokoki uku a gaban kowa, manya da ƙanana: ba duka, ba aike, ba karɓar kuɗin tara ko abin da ƙane ya zo da shi na ci. Ƙanana su ma a yi musu nasu zaman, su san alamar, su san cewa suna da ikon kai ƙara wurin malami.

Batun littafi kuwa, nan ne talaucin makarantunmu ke fitowa fili. Zama 44 na bukatar abin karantawa fiye da 44, domin wasu za su gama da wuri. Inda littattafan Mu Karanta suka isa, kamar a Sakkwato da Bauci, akwai abin farawa. Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun labarai na Hausa da ake iya saukewa a buga kyauta. In duk babu, malami ya sa 'yan aji shida su rubuta tatsuniyoyin da suka sani, ya gyara rubutun, a kwafe da manyan haruffa a kan kwali. A raba su mataki uku a cikin kwali uku, ƙanen ya zaɓa da kansa daga matakinsa. Hanyar gane ko littafi ya yi tsauri ita ce ta yatsu biyar: ƙanen ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare shi ya naɗe yatsa. In hannu ya dunƙule kafin ƙarshen shafi, a sauka mataki. In ba a naɗe ko ɗaya ba shafi bayan shafi, a hau. Sharaɗin da ba a karyawa shi ne kada littafin ya fi ƙarfin yayan. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, duk da daɗinta, jimlolinta dogaye ne ga ɗan aji uku. A ajiye ta ga 'yan saman jeri a ƙarshen zango, ko yayan ya karanta wa ƙanen shafi ɗaya a matsayin tukuici.

Lokaci: minti ashirin, sau uku a mako, na mako goma. Zama talatin ke nan, awa goma na karatu da murya ga yaron da watakila bai taɓa samun minti goma a jere ba. A sa shi a jadawali da sunansa, da safe kafin rana ta yi zafi, kada a ci lokacin tara da shi, in ba haka ba yara za su ɗauke shi horo. Minti biyu na farko su duba hoto su yi hasashen labarin, sha biyar su karanta, uku na ƙarshe ƙanen ya rufe littafi ya ba yayan labarin da bakinsa. Yara 88 ba za su yi karatu da murya a ɗaki ɗaya ba, don haka a baza su a aji da baranda da inuwar bishiya, amma kowa a inda malami ke hango shi. Ba bayan aji, ba ɗakin ajiya.

Malamin aji biyar, wanda ke kula da su, kada ya ɗauka ya sami hutun maka jarrabawa. Zagaye zai riƙa yi, ya tsuguna kusa da zama huɗu ko biyar a kowace rana, minti uku-uku, ta yadda cikin mako uku ya ji kowa. Abin da yake nema sananne ne. Ya dubi idon ƙanen: in yana kan shafi, karatu ake yi, in yana sama baki na motsi, hadda ce. Gwajinta sauƙi, a nuna kalma ɗaya a tsakiyar shafi a ce karanta wannan. Mai hadda zai koma farkon layi yana rerawa kafin ya iso. Ya kuma saurari muryoyin biyu lokacin karatu tare: in ta ƙanen na zuwa kullum bayan ta yayan da ɗan taƙi, amo yake yi, sai yayan ya rage murya da gudu. In mako biyu sun wuce ƙane bai taɓa ƙwanƙwasa benci ba, ko littafin ya yi masa nauyi ko tsoron yayan yake ji. In kuma ya ƙwanƙwasa tun layin farko bai sake bukatar taimako ba, littafin ya yi sauƙi. Ɗan kati a hannun kowane yaya, mai ɗauke da kwanan wata, sunan littafi, shafin da aka tsaya da kalmomi biyu da suka ba da wuya, zai nuna wa malami wanda ya maƙale a shafi ɗaya tun makon jiya.

Za a sami uban da zai zo ya ce, "Malam, na kawo ɗana ya koya ne, ba ya koyar ba." Tambayarsa tana kan hanya, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Awa ɗaya ce a mako. A cikinta yaron na bin rubutu da ido a tsanake yana farautar kuskure, yana bayyana ma'anar kalma, yana yin tambaya a kan labari, abubuwan da ba ya yi in yana kwafar allo. Binciken da aka yi a kan irin wannan tsari ya sha nuna cewa mai koyarwar ma na ƙaruwa. Amma wannan na tabbata ne kawai in littafin na ɗan motsa shi, abin da ya sake mayar da mu ga haɗa na ɗaya da na ɗaya. Ya fi kyau a yi wa iyaye wannan bayani a taronsu kafin a fara, a kuma nuna musu zaman da idonsu.

A mako na goma a sake gwajin minti ɗaya, ga manya da ƙanana, da sabon labari mai nauyi daidai da na farko. A ce yarinyar nan mai "baƙi" ta tashi daga kalma 14 zuwa 25. Abin murna ne, sai dai yara kan ƙaru a cikin zango ko da ba a yi musu komai na musamman ba, don haka lambar ita kaɗai ba hujja ba ce. Makarantar da ke da aji uku kashi biyu tana da mafita: kashi ɗaya ya fara wannan zango, ɗayan ya jira na gaba, a gwada su duka a farko da ƙarshe, a kwatanta. In tazarar ba ta fito ba, kafin a yanke hukunci a koma kan katunan nan a ƙirga zama nawa aka yi da gaske daga cikin talatin, sannan malami ya sake tsugunawa kusa da yayye biyar da agogo a hannu, ya ga sakan nawa suke bari kafin su faɗi kalmar.